Farashi Biyu

Shekara bakwai Habibu yana ci da shagonsa na tireda a Kurna. Sukari, madara, taliya, sabulu, man gyaɗa. Ribar ba ta da yawa, amma kullum tana shigowa.

A kakar 2023, bayan an cire tallafin mai, ya ji 'yan majalisarsu suna cewa masara za ta yi tashin gwauron zabo. Ya ɗebi kuɗin sari ya tafi Dawanau ya sayi buhu 15. Kafin damina ta kankama kuɗinsa ya kusa ninkawa. Tun daga ranar ya raina naira hamsin ɗin da yake samu a kan sabulu.

Da kakar 2024 ta zo, bai yi shawara da kowa ba. Ya kwashe jarin shago, ya haɗa da kuɗin adashen matarsa Hadiza, ya sayi buhu 40 a kan 55,000 kowanne, ya kama sito ya zuba. Watanni suka shige, masara sai sauka take yi. Ana taya masa yana ƙi, wai sai ta dawo kuɗinsa. Kantocin shago suka bushe, masu sayen madara suka koma shagon gaba. Da ƙwari suka fara shiga buhunan, ya sayar a 38,000.

Da daddare ya tafi gidan Baffa Isa, ƙanin mahaifinsa, wanda ya tsufa a dillancin hatsi.

"Baffa, kasuwa ce ta ci ni."

"Ranar da ka saya, nawa ka ce za ka sayar?"

"Na dai ce idan ta tashi."

"In ta faɗi fa?"

Habibu ya sunkuyar da kai. Baffa ya sa shi ya lissafa abin da buhu ɗaya ya ci bayan kuɗin saye: dako, mota, hayar sito, maganin ƙwari, la'ada. Bai taɓa haɗa su ba. Da suka haɗa, sai ga shi ko da masarar ta tsaya a 55,000, da faɗuwa zai fita.

"Na farkon ma ba iyawarka ba ce, dace ka yi," in ji Baffa. "Shi ya cuce ka. Wanda ya zuba duk abin da ya mallaka a kan jita-jita, ya zauna yana jiran sa'a, ka san sunan abin da yake yi, kuma ka san hukuncinsa."

Maganar ta yi wa Habibu zafi, don ko kusa da teburin karta bai taɓa zama ba.

Baffa ya miƙo masa littafin makaranta mai layi. Ya ce kuɗin shago na shago ne, ba a taɓa shi, kuma kuɗin mutane ba ya shiga hatsi. Abin da zai juya sai ribar da ya ware, ita ma ba duka lokaci guda ba. Kafin ya biya kuɗin buhu ko ɗaya, ya rubuta farashi biyu: wanda zai sayar idan ta tashi, da wanda zai fita idan ta faɗi. Duk wanda ya riga zuwa, shi ke nan, babu jan rai.

Wata takwas ya yi yana biyan Hadiza kaɗan-kaɗan, yana zirga-zirga Kasuwar Singa yana cike kantoci. Sai da ya gama sannan ya sayi gero buhu 6, ya rubuta farashinsa biyu. Na ƙasan ne ya riga zuwa. Ya kwana bai yi barcin kirki ba, da safe ya kira dillali ya ce a sayar. Asararsa 21,000.

Bayan sati biyu gero ya ɗan ɗaga. Abokinsa Nura ya shigo shago yana dariya.

"Malam, tsoro ya ci ka. Da ka yi haƙuri da yanzu kana kan riba."

"Haka na yi haƙuri da masara," Habibu ya ce, yana auna wa wata yarinya sukari.

"To bari wannan. Riɗi fa zai tashi, wani babban mutum ne ya faɗa min. Ni har babur ɗina zan sayar. Ka kawo abin da ke akwatin nan mu haɗa."

"Na akwatin nan kuɗin taliya ne, gobe zan je sari. Kai in riɗin ya faɗi, a nawa za ka fita?"

"Ai ba zai faɗi ba."

Habibu ya buɗe littafin ya duba abin da ya ware. Ya ce zai je Dawanau ranar Alhamis ya ji farashi da kunnensa, ya lissafa dako da sito, in lissafin ya fita zai ɗauki buhu biyu.

"Biyu kacal?"

"Biyu. Kai kuma kar ka sayar da babur ɗin nan sai mun je ka ga Baffa."