Littafin kurakuraina na fiziks: takarda ta biyar

Asabar, da yamma. Na yi takardar a zama ɗaya, da agogo a gabana, ban leƙa littafi ba. Maki 41 cikin 60. Na zubar da 19. Ina rubuta wannan tun ban manta abin da ke raina lokacin da nake kowace tambaya ba, don idan aka kwana biyu sai in ce "ganganci ne kawai", kuma Malam ya hana mu rubuta wannan kalmar a littafin nan. Ya ce a faɗi layin da abin ya karkace.

Tambaya ta 2(b), maki 3. Mota tana gudun 72 km/h, aka taka birki ta tsaya cikin sakan 5, a nemo raguwar gudunta. Na ɗauko a = (v − u)/t daidai, sai na zuba 72 yadda take, na samu −14.4 m/s². Ya kamata in fara raba 72 da 3.6, ta koma 20 m/s, amsa −4 m/s². Abin haushi, 14.4 ta fi g girma, kuma motar yau da kullum ba ta cin birki haka. Da na dubi amsar da idon hankali da na tsargu. Aji: ma'auni.

Tambaya ta 4, maki 3. Ƙarfin 60 N a kan fili mai faɗin 20 cm², a nemo matsi. A nan na tuna a juya, amma na juya ba daidai ba. Na raba da 100, na samu 0.2 m², matsi ya fito 300 Pa. Mita ɗaya santimita 100 ce a tsawo, 100 kuma a faɗi, don haka 1 m² = 10,000 cm². Filin 0.002 m² ne, amsa 30,000 Pa. Da na koma baya na tarar na yi irin wannan a takarda ta biyu, a kaurin waya, inda na raba mm² da dubu maimakon miliyan. Har alƙawari na rubuta a gefen shafin cewa ba zan sake ba, ga shi nan da jan biro. Ashe rubuta alƙawarin bai gyara komai ba, tunda ban zauna na fahimci dalilin ba, haddace lamba kawai na yi. Yau na zana murabba'i na raba shi da hannuna. Aji: ma'auni.

Tambaya ta 5(a), maki 3. Wannan ita ce ta fi ba ni mamaki. An harba ƙwallo da gudun 20 m/s a kusurwar 30°, g = 10 m/s², a nemo iyakar tsayin da za ta kai. Fomula daidai: H = u² sin²θ / 2g. Na samu mita 19.5, amsar kuwa mita 5. Na yi kusan minti goma ina neman inda na kauce a rubuce, ban gani ba, sai da na sake danna sin 30 a kalkuleta ta ba ni −0.988. Tana kan RAD tun darasin lissafi na ranar Alhamis. Da alamar ragi ta bayyana da na farga, amma da yake fomular tana ninka sin da kanta, alamar ta ɓace, lambar ta fito fes kamar ta gaskiya. Duk da haka ban wanke kaina ba: ƙwallon da aka cilla sama tsaye da 20 m/s mita 20 kacal take kaiwa, to ta yaya wadda aka harba a karkace da 30° za ta kai 19.5? Kuma na san sin 30° rabi ne, ban ma buƙaci kalkuleta ba. Aji: kalkuleta.

Tambaya ta 7, maki 4. Iskar gas 300 cm³ a 27 °C, aka ɗumama ta zuwa 87 °C, matsi bai canja ba. Na yi 300 × 87/27, na samu kusan 967 cm³. Dokar Charles da Kelbin take aiki: 300 K da 360 K, amsa 360 cm³. Wannan karo na uku ke nan. Na lura da wani abu: a lissafin Q = mcΔθ ba na samun matsala, domin bambancin zafi ɗaya ne ko a Selshiyos ko a Kelbin. Ina jin sabon da na yi a can ne yake bi na zuwa dokokin gas, inda ake raba zafi da zafi, ba ragewa ba. Aji: ma'auni.

Tambaya ta 8, maki 2. Rezisto 6 Ω da 3 Ω a haɗin faralel. Na kai 1/R = 1/2, na rubuta 0.5 Ω na wuce. Ban kifar da ita ba. R = 2 Ω. Ta 9 ma danginta ce, maki 1: amsa-kuwwa ta dawo bayan sakan 1.2, gudun sauti 340 m/s, a nemo nisan abin da ya mayar da sautin, na rubuta mita 408 na manta sautin zuwa ya yi ya dawo. Mita 204. Aji: ban ƙarasa ba.

Tambaya ta 11, maki 3. Taransifoma mai ingancin kashi 80 cikin ɗari. Wannan kam ban iya ba, ban san inda ingancin yake shiga lissafin ba. Zan kai wa Malam ranar Litinin. Aji: rashin sani.

Yanzu da takardu suka kai biyar, na haɗa duka. Abin da na zubar a jere: 24, 22, 23, 18, 19, jimla 106. Ma'auni ya cinye 47, rashin ƙarasa matakin ƙarshe 19, rashin sani 15, karanta tambaya da gaggawa 14, kalkuleta 11.

Na daɗe ina kallon wannan 15 ɗin. Wata biyu ina gaya wa kowa cewa fiziks ba ya shiga kaina, ina kwana kan haddar fomula, alhali abin da ban sani ba da gaske bai kai kashi ɗaya cikin bakwai na asarar ba. Na ma'auni kuwa ko motsi bai yi ba: 9, 11, 10, 7, 10. Da ya sauka zuwa 7 a takarda ta huɗu na ɗauka na warke, ashe takardar ce ba ta da tambayoyin juyi da yawa. Kuma duk kuskuren nan a layin farko yake faruwa, wajen kwafo lambobi daga tambaya, tun kafin a fara lissafin. Hannuna yana rigan idona zuwa fomula.

Don haka a takarda ta shida ba zan rubuta fomula ba sai na jera duk abin da aka ba ni a gefen hagu, kowace lamba da ma'auninta, na juya su zuwa mita, kilogiram, sakan da Kelbin a nan take. Kafin in buɗe takardar zan danna sin 30, in ban ga 0.5 ba in gyara. Idan na samu amsa zan tsaya in tambayi kaina ko abin zai yiwu: a faralel, jimla dole ta gaza ƙaramin reziston, amma 0.5 ma ta gaza 3, saboda haka wannan gwajin ba zai kama ni ba, sai dai in riƙa rubuta "R =" a layinsa daban.

Ranar Talata zan sake yin 2(b), 4 da 7 a farar takarda ba tare da duba wannan shafin ba. Takarda ta shida, Asabar mai zuwa, ƙarfe tara.