Takardar Farashin Karɓar Baƙuncin Taron Dillalai na Kwana Uku

Nasarawa, Kano
Litinin, 5 ga Janairu, 2026

Zuwa ga Babban Manajan Gudanarwa,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, ga lissafin da ka nema game da taron dillalan takin zamani da kamfaninku zai yi a otal ɗinmu daga Litinin 9 zuwa Laraba 11 ga Fabrairu, 2026. Mun yi shi ne a kan mutum 120, kuma 60 daga cikinsu za su kwana a wurinmu.

Ɗakunan kwana

Mun lissafa kwana 3, daga daren Lahadi 8 ga wata. Shawararmu ke nan baƙin nesa su iso tun Lahadi, domin lokacin hazo ne, kuma jirgi kan yi jinkirin sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano. Ba ma so a buɗe taro kujerun gaba babu kowa.

Ɗaki na gama-gari 50, kowanne ₦55,000 a kwana: ₦8,250,000
Ɗakin manyan baƙi mai falo 10, kowanne ₦90,000 a kwana: ₦2,700,000

Karin kumallo yana ciki, da ruwan zafi na wanka saboda sanyin asuba. Ana sakin ɗaki ƙarfe 12 na ranar Laraba, mu ajiye wa baƙi jakunkunansu har a tashi.

Zaurukan taro

Babban zaure yana ɗaukar mutum 200, amma za mu jera tebur 15 na mutum takwas-takwas don kowa ya sami wurin rubutu. ₦450,000 ne a rana, kwana 3: ₦1,350,000. Kuɗin ya haɗa da lasifika, makirufo 4, majigi da allonsa, intanet, da ma'aikacinmu da zai zauna gefen na'urorin daga farko har ƙarshe. Man janareta ma yana ciki. Idan an ɗauke wuta ba za mu kawo muku wani lissafi daban ba.

Ƙananan zauruka 2 don zaman rukuni-rukuni, ranar Talata kaɗai: ₦300,000.

Abinci

Nan ne muka fi ba da ƙarfi, domin mai taro ya kan manta jawabi, amma ba ya manta abin da ya ci. Shayi sau biyu a rana, ƙarfe 11 da kuma bayan La'asar, da ƙosai, masa, sambusa da kayan marmari. Abincin rana ƙarfe 1:30, an haɗa shi da hutun Azahar. Masallaci yana cikin harabar, akwai wurin alwala na mata daban. Da rana mun fi son abinci mara nauyi, kamar shinkafa dafa-duka da kaza, ko dambun shinkafa da zogale, a bar tuwo da miyar kuka ko taushe sai dare, kada barci ya kwashe mutane a zaman yamma. Baƙinku na Kudu kuwa akwai sakwara da miyar agushi kullum. Masu ciwon suga ko hawan jini, a ba mu adadinsu, za a dafa musu nasu ba ƙarin kuɗi.

Shayi, ₦5,000 kowane mutum a rana: ₦1,800,000
Abincin rana, ₦9,000 kowane mutum a rana: ₦3,240,000
Abincin dare na masu kwana, Lahadi da Litinin, ₦8,000 kowane mutum a kowane dare: ₦960,000
Liyafar daren Talata ta mutum 120, da gasasshen rago, tsire, zoɓo da kunun aya, ₦14,000 kowane mutum: ₦1,680,000

Sauran hidimomi

Bas 2 na ɗauko baƙi daga filin jirgi ranar Lahadi da mai da su ranar Laraba, ₦240,000. Littafin rubutu, biro da katin suna, ₦180,000. Hoto da bidiyo na kwana ukun, ₦300,000. Wanda ba ku buƙata a cikinsu, sai a cire.

Jimilla: ₦21,000,000
Harajin kaya da hidima na kashi 7.5 cikin ɗari: ₦1,575,000
Abin da za a biya: ₦22,575,000

Sharuɗɗa

Farashin nan yana nan daram har 19 ga Janairu. Da kafin alƙalami na kashi 60 cikin ɗari, wato ₦13,545,000, ake riƙe ɗakuna da zauruka. Ragowar ₦9,030,000 a biya kafin a tashi ranar Laraba. Ana iya rage ko ƙara adadin mutane har 2 ga Fabrairu, bayan nan mun riga mun yi cefane, sai a biya yadda aka rubuta. Wanki da abin da baƙo ya saya a ɗakinsa, shi zai biya.

Ranka ya daɗe, taron ya faɗo gab da azumi, lokacin da masu biki ke rububin zaure. Don Allah a ba mu amsa da wuri. Idan da hali, ka turo wakili cikin makon nan ya duba ɗakunan da idonsa, ya kuma ɗanɗana girkinmu.

Na gode. Allah ya sa a yi taro lafiya, a tashi lafiya.

Naka,
Manajan Sashen Taruka da Liyafa