Ba Sauri Nike Ba

Duk safiya, tun kafin Mushe Isufu ya buɗe littafin kiran suna, tafin hannun Kabiru ya gama jiƙewa da gumi. Kalma ɗaya tak ake so ya faɗa, "pirezan", wadda sauran 'yan katiriyam ke jefarwa ba tare da sun ɗaga kai ba. Shi kuwa leɓɓansa kan haɗe su ƙi rabuwa, jijiyar wuya ta tashi, ido ya rufe, sai a ji "p-p-p" kafin sauran ta fito. Daga bencin baya Nafi'u zai buga ƙafa a ƙasa, ya kwaikwayi mai tada babur.

"Kabu-kabu ya ƙi tashi! A tura!"

Sunan ya bi shi tun sizyam, ranar da aka tambaye shi sunansa ya tsaya a kan "Ka-ka-ka". Tun daga nan ya koyi dabarun ɓuya. In ya san amsa sai ya sunkuyar da kai. In Inna ta aike shi sayen barkono ya ji kalmar za ta maƙale, sai ya ce tattasai, ya dawo gida a yi masa faɗa. A unguwar Zariya ta Maradi kowa ya san shi da yaro shiru-shiru mai ladabi, ba wanda ya san maganar da ke cike da cikinsa. Abin da ya fi ɗaure masa kai, a makarantar allo yana rera karatu sumul, haka in yana waƙa shi kaɗai a zaure. Wannan ne ya sa Baba ke cewa, "Garaje ne ke damunka. Ka natsu, ka ja numfashi." Kabiru ya ja numfashi har ya gaji, harshen bai saki ba.

Sati biyu da komawa lakwal, cikin watan Oktoba, aka kawo wani dogon yaro daga Madarunfa, rigarsa ta ɗan yi masa kaɗan. Babu wuri sai kusa da Kabiru, don ba mai son zama nan. Yaron ya ajiye kayensa, ya miƙo hannu.

"Sanusi. Kai fa, mi sunanka?"

Kabiru ya ji abin ya taso. Ya buɗe baki, iska ta tsaya a maƙogwaro. Ya san abin da ke biyowa, ko dariya, ko a kau da kai don tausayi, wanda ya fi dariyar ciwo. Sai ya jawo kayensa zai nuna sunan da ke rubuce a bango. Sanusi ya dafe kayen da tafin hannu.

"Ba sauri nike ba. Hwaɗi mini da bakinka."

Bai yi murmushi ba, bai ɓata fuska ba, idonsa na kan fuskar Kabiru yadda ake kallon kowane mai magana.

"Ka… Ka-ka… Kabiru."

"To Kabiru, kana da bik biyu? Nawa ya tsiyaye cikin aljihu."

Daga ranar suke komawa gida tare, ko da yake Sanusi a unguwar Mokoyo yake zaune wurin kakansa, hanyarsu ba ɗaya ba ce sai sun yi zagaye. Sanusi ya ba shi labarin tafkin Madarunfa da yadda mahaifinsa ke jefa koma, Kabiru kuma ya riƙa gyara masa dikte, domin Faransancin Sanusi sai a hankali. Da kaɗan-kaɗan Kabiru ya fara ba da nasa labarin, na kokowa da 'yan wasan da ya taɓa gani a filin kokowa, yana tuntuɓe yana tashi, Sanusi na tauna gyaɗa yana saurare.

Sai ranar wata Laraba, lokacin shan iska. Layi ya yi tsawo wurin mai awara a bakin ƙofar lakwal, man yana ƙara a kasko, 'yan mata na ture-ture. Kabiru ya ƙudura yau da bakinsa zai saya, ba nuni da yatsa. Ya miƙa kuɗinsa.

"Ba ni ta da-da-da…"

"Ta dala ashirin, a sa yaji da yawa," in ji Sanusi daga bayansa.

Mai awara ta zuba, ta naɗe a takarda. Kabiru ya karɓa, ya danƙa wa Sanusi duka, ya juya ya tafi. Ranar bai ƙara cewa uffan ba, washegari ma haka. Da aka tashi ya bi wata hanya daban.

Ranar Juma'a bayan la'asar aka yi sallama a ƙofar gidansu. Sanusi ne, ƙafafunsa futu-futu da ƙura.

"Na san na yi laihi, amma ban gane wane ba. Hwaɗa mini."

Ya zauna a dakali ya naɗe hannu. Kabiru ya daɗe yana kallon ƙasa. Da maganar ta zo, da zafi ta zo, in'inar ma ta fi ta kullum.

"K-kowa ƙarasa mini yake. Inna, Baba, m-m-mushe. Na san abin da n-nike so in ce! B-ba kaina ne ba ya aiki ba. In ka ƙarasa mini, ka-ka-kamar ka ce in yi shiru ne."

"Na ga mutane sun matsa maka, shi ya sa."

"Su j-jira."

Sanusi ya gyaɗa kai. "Ka yi gaskiya. Ka yahe ni, ba ni ƙarawa. To in abin ya riƙe ka, mi kake so in yi?"

Ba a taɓa yi wa Kabiru wannan tambayar ba. Ya yi tunani sosai kafin ya amsa.

"Kar ka kau da ido. Shi k-ke nan."

Kwanaki kaɗan bayan haka Sanusi ya kai shi gidansu. A rumfar tsakar gida wani tsoho na kishingiɗe a kan tabarma, hannunsa na dama a lanƙwashe bisa ƙirji, bakinsa ya ɗan karkace. Hawan jini ne ya shanye masa ɓarin jiki bara, shi ya sa aka turo Sanusi ya zauna da shi. Kowace kalma sai Kaka ya yi kokowa da ita kafin ta fito, Sanusi kuwa yana durƙushe yana fifita gawayin shayi, ba ya katse shi ko sau ɗaya. A nan Kabiru ya gane inda abokinsa ya koyi jira.

Kabiru ya durƙusa ya gaida shi, gaisuwar ta tsaya masa a tsakiya. Kaka ya dube shi da ido ɗaya mai haske.

"Jikana… Annabi Musa ma… ya roƙi Allah… ya warware mai ƙullin harshe. Kuma shi… aka aika wurin Fir'auna. Zamna… ka sha shayi."

A wannan watan Mushe Isufu ya raba aikin bayani gaban aji, mutum biyu-biyu, kowa ya binciko wani abu daga tarihin gari. Aka ba su ambaliyar 1945. Kabiru ya ce shi zai rubuta komai, Sanusi ya karanta.

"A'a," in ji Sanusi. "Ni da wannan Faransancin nawa? Rabi naka, rabi nawa. In ka ƙi, duka mu ci sifili."

Kaka yana yaro aka yi ambaliyar, don haka suka yi yammaci uku a gabansa da kaye da bik. Ya gaya musu tsohon Maradi a fadama yake, dab da Gulbi, gidajen ƙasa a cunkushe, lungu ya shiga lungu. Ruwa ya zo da damina ya narkar da katangu, rumbuna suka zube da hatsin cikinsu. Daga nan aka tayar da garin zuwa kan tudu, Nasara suka shata tituna miƙaƙƙu, mutane suka hau da sunayen unguwanninsu. Shi abin da bai manta ba, jar akuyarsa da ya saɓa a wuya yana kuka, ruwa har cibiya. Labarin da wani zai gama cikin minti goma sai da ya ci butar shayi uku, kuma ba wanda ya duba agogo.

Ranar bayani Sanusi ya fara, ya yi ta karya Faransanci, aji na ƙyaƙyatawa, shi ko a jikinsa. Ya gama nasa, ya miƙa wa Kabiru takarda, ya koma gefen allo ya tsaya inda za su riƙa haɗa ido.

Takardar na rawa a hannun Kabiru. Jimlar farko ta fita da ƙyar. A ta biyu ya iso kan sunan Gulbi, ya tsaya cak. "G-g-g…" Ƙafar Nafi'u ta fara bugun ƙasa, wasu suka tuntsire. Mushe Isufu ya buɗe baki zai taimaka, sai Sanusi ya ce cikin ladabi, "Mushe, a yi haƙuri, shina zuwa."

Kabiru ya dubi ƙofa. Taku biyar ne ya fita. Ya dubi Sanusi, ya tarar da idon nan yana nan inda ya bar shi. Ya ajiye takardar a kan tebur, don dama ya haddace ta.

"Ina da in'ina," ya ce da Hausa, muryarsa na rawa. "Za-za ku jira ni kaɗan."

Hadiza, shugabar aji, ta juya baya. "Nafi'u, in kana da abin cewa hito gaba. In babu, bar mu mu ji."

"Gulbi," in ji Kabiru, ya ci gaba. Ya maƙale a kan damina, ya maƙale a kan tudu, ya sake maƙalewa a wurare da yawa, amma ya kai ƙarshe. Wajen zubewar rumbuna ajin ya yi tsit, har wani yaro ya ɗaga hannu ya ce kakarsa ma ta taɓa ba shi wannan labari, ya tambaya ko 'yan unguwar Bagalam ma daga can suka taso. Kabiru ya amsa masa da kansa.

Mushe ya ba su 14 bisa 20, ya ce maki biyu Faransancin Sanusi ne ya cinye su. A bakin ƙofa Nafi'u ya sake kiran "Kabu-kabu", sai dai mutum biyu kawai suka yi dariya. Ya yi wa Kabiru zafi duk da haka, amma bai canza hanya ba.

Ko gida ba su biya ba suka wuce Mokoyo. Kabiru ne ya ba Kaka labarin tun daga farko, yana yi yana nuni da hannu, har ya kwaikwayi muryar Hadiza. Kaka ya saurara har ƙarshe, sannan ya ɗaga hannunsa mai lafiya.

"Akuyata fa? Kun… hwaɗi ta?"

Suka dubi juna. Sanusi ya sosa ƙeya.

"Kai ne ka ce a c-cire, wai ba tarihi ba ce!" in ji Kabiru.

"Ni? Yaushe?"

"Ranar T-talata, kana cin ƙuli-ƙuli!"

Kaka ya girgiza kai yana dariya da rabin baki. "Shi ya sa… ba ku samu ashirin ba. Sanusi, ɗora shayi. Kabiru, ɗauko bik… in sake ba ku tun daga hwari."