Amsar gayyata zuwa taron asusun taimakon juna

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Kawu Alhaji, barka da aiki. Ina fatan kana lafiya, da Hajiya da yara da sauran 'yan kwamiti.

Gayyatar taron asusu ta iso mu nan Jidda: Juma'ar farko ta watan Rajab, bayan Isha'i, a istiraha a Shara'i, Makka. In Allah Ya kai mu za mu zo mu biyu, ni da ƙanwata Maman Sadik, tun da kowannenmu yana zubi da sunansa kuma kowa yana da ƙuri'arsa. Sai dai akwai abubuwan da nake so a duba kafin a biya kuɗin wurin, shi ya sa na rubuto tun yanzu.

Zan fara da nata, don shi ya fi buƙatar lokaci. Ka san ba ta ji. Gayyatar nan da murya aka turo ta a WhatsApp, minti huɗu, sai da na dawo daga shago da dare na zauna na maida mata da hannu. Don Allah duk abin da za a turo nan gaba a haɗa da rubutu, ko layi biyar ne. Lissafin shekara da jerin abubuwan da za a tattauna kuma a turo mata kwana uku kafin taro, da Hausar boko. In an ba ta takarda a wurin taro ba za ta iya haɗa karatu da kallon mai fassara ba, ido ɗaya ne ke yin aikin biyu.

Tana buƙatar mai fassara da maganar hannu, kuma a nan ne aka fi yin kuskure da kyakkyawar niyya. Maganar hannu ba iri ɗaya ba ce a ko'ina. Ta Saudiyya daban take da wadda ta tashi da ita a Kano, a gida da kuma makarantar kurame ta Tudun Maliki. Shekara shida da zuwanta ta tsinci ta nan daidai gaisuwa da cefane, amma maganar bashi da kaso da wa ya biya wa bai biya ba ta fi ƙarfin wannan. In aka kawo mata mai fassara ɗan ƙasa, zai yi ta aikinsa tsakani da Allah, ita kuma ta yi ta gyaɗa kai don kunya. Akwai wata baiwar Allah a Misfala, matar wani ɗan uwanmu, wadda ta koyar da kurame a gida kafin ta zo. Mun yi magana, ta yarda, riyal 150 ta ce har da kuɗin mota. Ina roƙon a fitar daga kuɗin shirya taro kamar yadda ake fitar da na shinkafa da lasifika. In taron zai wuce awa ɗaya a riƙa ba ta hutun minti goma, hannu yana gajiya.

Na san wani zai ce ai ga Hafsa. Hafsa 'yata ce, shekararta goma sha ɗaya, ta iya hira da gwaggonta, amma ba zan tsayar da ita gaban manya tana fassara rigimar kuɗi ba.

Sai wurin zama. Bara mata suna ɗaki daban, an ja musu lasifika ta taga. Ga masu ji ya wadatar. Ita kuwa ta yi awa biyu tana kallon bango, sai a mota ta san an ƙara kuɗin zubi. Bana a sa mai fassarar a ɓangaren mata, ta zauna fuskantarta, inda sauti ke isowa sosai, fitila na haska fuskarta da hannuwanta, kada hasken ya zo ta bayanta. Mai jagorancin taro ya riƙa ba mutum ɗaya magana a lokaci guda, ya kuma ambaci sunan mai maganar. In aka zo ƙuri'a a dakata kaɗan har fassara ta ƙare, don kullum tana biyo bayan magana da 'yan daƙiƙu. In kuma tana da tambaya, a amsa mata ita, a daina cewa mai fassara "gaya mata".

Yanzu nawa. Kawu, kai shaida ne a kan matakala huɗun nan na bara. Samari huɗu suka ɗaga ni da keken guragun da nake hawa, Allah Ya saka musu, amma ɗaya ya kama abin ɗora ƙafa ya cire a hannunsa, na kusa kifawa a gaban jama'a. Ba na so a sake ɗauka ta. Ina so in shiga da kaina, in fita da kaina lokacin da na ga dama.

Saboda haka a tambayi mai istiraha, kuma kada a tsaya a kan "babu matsala" ta waya, don wanda ke tafiya da ƙafarsa ba ya ƙirga matakala. A tura yaro da tef ya auno, ya ɗauko hoto tun daga bakin titi har cikin majalisa. Faɗin kekena santimita 66 ne, ina buƙatar ƙofa mai santimita 80 ko fiye. In akwai tudu a bakin ƙofa a auna tsayinsa. Gangara mai kyau, duk santimita 10 na tsayi tana son tsawon santimita 120. Matakala ɗaya ko biyu zan iya zuwa da katakona, abin da ya wuce haka sai dai a nemi wani wuri. In a bene ne, a tabbata lif yana aiki ranar, kuma keke yana shiga.

Banɗaki shi ne abin da mutane ke jin nauyin tambaya, ni kuwa dole in tambaya. Ina buƙatar na zama, wanda ake ce wa afranji, a ƙasa, ƙofarsa ta ɗauki keke. Bara na tsuguno ne kaɗai, sai na ƙi shan ko shayi tun daga La'asar.

Sauran ƙanana ne. A bar mini wurin mota kusa da ƙofa da fili a gefe don sauke keke. A kawar da tarin takalma daga hanya. In an shimfiɗa sufura a ƙasa, a taimaka mini da ɗan tebur kusa da jama'a, kada a kai ni lungu ni kaɗai. Zan zo da tsumman goge tayoyi saboda kafet ɗin mutane.

Da jirgin ƙasa na Haramain muke son zuwa, daga tashar Sulaimaniyya zuwa ta Rusaifa, kuma sai na yanki tikiti da wuri. Don haka ina roƙon amsa kafin Litinin, tare da lokacin da ake sa ran tashi. In wurin bai dace ba kuma an riga an biya, a faɗa mini gaskiya, sai a haɗa ni ta bidiyo a ƙirga ƙuri'ata. Amma na fi son zama cikin 'yan uwa.

Shawara ɗaya, in kwamiti ya yarda. Ba mu kaɗai ba ne: akwai dattawan da kunnensu ya yi nauyi, akwai masu wankin ƙoda, ga yaranmu haihuwar nan da Larabci ya fi zama a bakinsu. A ƙara wannan a ƙasan gayyata: "Duk mai buƙatar mai fassara, ko wurin da babu matakala, ko kujera, ko takarda da manyan baƙaƙe, ya sanar da magatakarda mako ɗaya kafin taro." Da yawa ba za su fara magana ba sai an tambaye su.

A gaida Hajiya. Maman Sadik tana gaisuwa, ita ta karanta wannan kafin in turo.

Ɗanka,
Abu Hafsa, Jidda