Zaɓen tiyo don noman rani: roba, fibisi ko lefilat?

Wannan bayani ne ga manoman fadama masu jan ruwa da injin fetur mai inci 2 ko inci 3, daga kogi, tafki ko rijiyar burtsatse. Kafin a je kasuwa, a raba hanyar ruwa gida uku: daga ruwa zuwa inji, mitocin farko bayan inji, sai doguwar tafiya zuwa fangali. Kowane sashe da irin tiyon da ya dace da shi. Yawancin asarar da ake yi ta samo asali ne daga sayen iri ɗaya a ce ya yi duka.

Ɓangaren zuƙa ba ya buƙatar dogon zance. Lefilat, wato tiyo mai shimfiɗewa da ake naɗewa, ba ya aiki a nan ko kaɗan, domin da inji ya ja zai manne. A sa tiyon fibisi, wato PVC, mai ƙarfafan zobe a jikinsa, ko na roba mai waya a ciki, faɗinsa daidai da bakin inji. Ya zama gajere, da rariya a ƙarshensa don tare yashi da ciyawa. Inji ba ya zuƙo ruwa daga zurfin da ya wuce mita 7 zuwa 8, kuma ko ɗan tsagi ne a wannan tiyon iska za ta shiga, inji ya yi ta ƙara ba ruwa.

Game da matsin ruwa, a riƙe wannan lissafi: tsayin mita 10 na ruwa kusan bar 1 ne. Ƙananan injunan fetur da aka saba da su suna tura ruwa zuwa tsayin mita 25 zuwa 30, wato ba sa wuce bar 3 sosai. A jikin tiyo mai kyau ana buga matsin da zai iya ɗauka kullum, da alamar WP. Wannan adadin ake dubawa. Wani ɗan kasuwa zai faɗi matsin da tiyo ke fashewa, wanda yakan ninka na aiki kusan sau 3, kuma wanda ya yi aiki da wannan adadin tiyonsa ba zai ga ƙarshen rani ba. Tiyon da ba a rubuta komai a jikinsa ba, a ɗauke shi a matsayin mai rauni.

Abin da ake yawan mantawa shi ne an auna adadin nan ne a ɗumin digiri 20. A Kadawa, Haɗeja, Goronyo ko Maraɗi, zafin watan Afrilu yana haura digiri 40 a inuwa, tiyon da ke kwance a rana da ruwa tsaye a ciki kuwa ya fi haka zafi nesa ba kusa ba. Fibisi yana laushi idan ya ji zafi, kuma a digiri 45 yana rasa fiye da kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa. Saboda haka tiyon da aka rubuta wa bar 4, da tsakar rana a lissafa shi bar 2.5. Shi ya sa fashewa ta fi faruwa bayan azahar, lokacin da aka sake tada inji bayan hutu.

Roba ita ce ta fi jure rana, amma da sharaɗi. A nemi wadda aka rubuta wa EPDM, domin ita ce hasken rana da zafi ba sa ci da wuri. Robar da aka haɗa da arha tana tsattsagewa kamar faso a diddige, tun daga inda aka lanƙwasa ta. Tiyon roba mai zare a ciki yakan ɗauki bar 10, yana jure ja a ƙasa da takawar shanu. Matsalarsa nauyi da tsada: mita ɗaya na inci 2 ya kai kilo 1 ko fiye, ke nan mita 100 ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Wurinsa shi ne mita 3 zuwa 5 na farko bayan inji, inda matsi ya fi yawa, ga girgiza, ga zafin salansa. A kiyaye shi daga fetur da baƙin mai, domin suna kumbura EPDM.

Tiyon fibisi mai laushi ba shi da nauyi kuma ya fi roba arha, sai dai rana tana busar da sinadarin da ke ba shi laushi. Alamar tana fitowa fili: launi ya koɗe, jiki ya yi tauri, da sanyin asubar hunturu a lanƙwasa shi ya tsage. Mai garau wanda ake ganin ruwa a ciki ya fi kowanne saurin lalacewa, kuma gansakuka tana fitowa a cikinsa ta toshe rariyar masu ban ruwa na ɗigo. Idan gonar ta mutum ce ta dindindin, gara bututun fibisi mai tauri, mai alamar PN6, wato mai ɗaukar bar 6, a binne shi zurfin rabin mita ko fiye. A ƙarƙashin ƙasa rana ba ta samunsa, garma ma ba ta kai masa.

Lefilat, wato mai shimfiɗewa da ake naɗewa, zare ne aka saƙa aka lulluɓe da fibisi. Mita 100 na inci 2 bai cika wuce kilo 30 zuwa 40 ba, ana ɗora shi a babur a kai gida kullum, abin da ke da muhimmanci ga mai hayar gona ko mai tsoron sata. Mara kauri yana ɗaukar bar 2 zuwa 4, mai kauri bar 6 ko fiye, kuma yadda faɗi ke ƙaruwa haka adadin ke raguwa. Kada a dogara da launi, shuɗi ko ja, a karanta rubutun. A yanka bakinsa kaɗan a duba: zaren ya zama saƙaƙƙe da yawa, kuma kada fatar ta ɓare idan an ja da farce. Abokan gabarsa ƙaya, kututturen dawa da ja a ƙasa yana cike da ruwa. A share hanya, a warware shi a miƙe ba murɗiya, inda amalanke ke wucewa a tona ɗan rami ko a kare shi da katako biyu.

Sau da yawa faɗi ya fi kauri amfani. A ɗauki gonar albasa mai nisan mita 120 daga kogi, ana ɗaga ruwa mita 8, ana son lita 300 a minti. A tiyo mai inci 2, gogayyar ruwa da jikin tiyo tana cinye kusan mita 13, jimilla mita 21. A inci 3 gogayyar ba ta wuce mita 2 ba, jimilla mita 10. Matsin ya ragu da rabi, inji ya huta, fetur ya ragu. Ga irin wannan gona shawararmu ita ce tiyon zuƙa mai zobe, roba mita 4, sannan lefilat mai inci 3 na bar 4, da mahaɗi mai ƙara faɗi a tsakani.

A mahaɗi a ɗaure da zoben matsewa na ƙarfe guda 2. Robar tif da aka saba naɗawa tana riƙewa ne kawai a inda matsi bai da yawa, kuma rana tana cinye ta. Kada a naɗe bakin tiyo ko a rufe famfo farat ɗaya inji yana gudu, domin ruwa yana dukan baya ya tsinka zare. A rage wuta tukuna. Tiyon da zai daɗe a wuri ɗaya a rufe shi da kara ko ciyawa. Ƙaramar huda a lefilat ana like ta da faci bayan ya bushe, babbar ɓaraka kuwa a yanke wurin a haɗa da guntun bututu. Idan rani ya ƙare a tsiyaye ruwan, a wanke laka, a shanya a inuwa, a naɗe a rataye a ɗaki nesa da ɓera da jarkar fetur.