Mu Fito Mu Yashe Kwatocinmu

Assalamu alaikum iyayenmu, ƴan uwa matasa. Mai unguwa, Allah ya ƙara girma, da izininka.

Damina ta ƙarato, kuma kowa ya ga kwatocinmu, sun cushe da leda da gorunan roba da yashi, ruwa kwance ya yi baƙi sai wari, a nan sauro ke ƙyanƙyasa, shi ya sa maleriya ta ƙi barin yaranmu. Wallahi in muka bari haka ruwan farko cikin gidaje zai shigo, katangar ƙasa kuma ba ta jure jiƙa.

To ranar Asabar ƙarfe 7 na safe za mu fara daga bakin kwalbati. Mu matasa ƙarfi muke da shi, kayan aiki ne babu. Mai shebur ko manjagara ko baro ya taimaka ya ara mana, mai hali ya ba da abin da ya sauwaƙa mu sayi safar hannu mu ɗauko motar kwashe shara, don in an tara a bakin kwata komawa take yi ciki. Ma'aji zai rubuta komai, za a karanta a gaban kowa.

Iyayenmu mata don Allah a ja kunnen yara su daina juye shara a ciki. Allah ya ba da iko.