Gayyatar neman sabon gurbi a Sashen Sayen Shanshera

Daga: Hajiya Binta, shugabar Sashen Sayen Shanshera
Zuwa: Malam Nura, Sashen Sito
Litinin, 1 ga Satumba, 2025

Assalamu alaikum, Malam Nura. Da fatan ka tashi lafiya, ya aiki, ya iyali?

Na san ka ga takardar da ofishin kula da ma'aikata ya liƙa a allon sanarwa ranar Alhamis, cewa an buɗe sabon gurbi a sashenmu: jami'in hulɗa da manoma da duba ingancin kaya. Na rubuto ne in ce maka ina so ka nema. Ba na so ka karanta ka wuce kana cewa ai na masu digiri ne.

Ga abin da ya kawo gurbin. Har yanzu yawancin shansherar da muke casa ta hannun dillalai take shigowa, kai kuma ka fi kowa sanin yadda take isowa: wani buhun da yashi a gindinsa, wani an gauraya iri biyu, wani ko bushewa bai gama ba. Hukumar kamfani ta yanke shawarar daga kakar bana mu riƙa saye kai tsaye daga ƙungiyoyin manoma na Kura, Bunkure da Garun Malam, masu shan ruwan dam ɗin Tiga, in abin ya kankama mu leƙa Auyo da sauran kwarin Haɗeja. Ana buƙatar wanda zai tsaya a wurin awo tun daga gona, ya soka buhu, ya gwada danshi, ya daidaita farashi da shugabannin ƙungiya, ya kuma riƙe lissafin abin da aka ɗora a mota.

Me ya sa kai? Ban manta da tirelar nan ta watan Yuni ba, wadda ka hana a sauke. Direba yana ta sababi, dillali yana ta kiran manya a waya, kai kuwa ka ɗebo daga buhunan tsakiya, ba na baki ba, ka murza a tafin hannu, ka gutsura da haƙori, ka ce ba ta bushe ba. Da aka kawo na'ura ta nuna danshi kashi 19 cikin ɗari, alhali ƙa'idarmu kar ya wuce 14. Da ta shiga sito haka, da ta yi zafi ta fara fumfuna, ta shafi wadda ke kusa da ita. Abin da ya fi burge ni shi ne ba ka ci mutuncin kowa ba. Har ruwa ka sa aka kai wa direban. Irin wannan mutum nake nema, domin manomi in ka raina shi sau ɗaya, baɗi wani zai sayar wa. Ga shi kuma kai ɗan gida ne a noman shinkafa, ba sai an koya maka bambancin FARO 44 da jamila ba.

Ba zan ɓoye maka wahalarsa ba. Daga Oktoba zuwa Disamba, da kuma lokacin girbin rani, kusan kullum kana hanya, wani lokaci har da kwana. Kamfani zai ba da babur da mai da kuɗin tafiya. Matsayin yana gaba da naka da mataki ɗaya, adadin albashin kuwa ofishin ma'aikata ne zai faɗa maka. Akwai rahoton mako-mako da ake shigarwa a Excel. Na san nan ne za ka yi ɗari-ɗari, amma Malama Rabi ta ce mako biyu sun ishe ta ta koya maka.

Ka sani fa, wannan gayyata ce, ba alkawari ba. Wasu ma za su nema, kuma mu uku ne a kwamitin tantancewa, murya ɗaya gare ni. Na yi magana da shugabanka, Alhaji Sabo, kafin in rubuto, don kar ya ji a bakin wani. Ya ce ba ya son rabuwa da kai, amma ba zai tare maka hanya ba. In ba a dace ba, kujerarka tana nan.

Ka rubuta takardar neman aiki, shafi ɗaya ya isa, ka haɗa da kwafin takardun makaranta da sa hannun Alhaji Sabo, ka miƙa wa ofishin ma'aikata kafin ƙarfe 12 na ranar Juma'a, 12 ga Satumba. Za a yi ganawa ranar Talata, 16 ga wata, wanda aka ɗauka kuma zai kama aiki Litinin, 6 ga Oktoba, kafin sabuwa ta fara shigowa.

Ka yi shawara da gida. In akwai tambaya, ka shigo ofis bayan azahar, ina nan har Alhamis.

Allah ya zaɓa mana mafi alheri.

Hajiya Binta